Tambayar da ke auna hangen likita: wane salon canki-canka ya kamata ka zaɓa?

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin tantance tambayoyin jarrabawa na ɗaliban likitanci ko na jinya ya san yadda gardamar take farawa. Wani malami zai ce a riƙe salon "gaskiya ko ƙarya" don yana tattaro abubuwa da yawa cikin ɗan lokaci. Wani zai ce a koma salon amsa ɗaya mafi dacewa. Na uku zai kawo maganar dogon jerin amsoshi, na huɗu ya ce duk canki-canka shirme ne, a bar ɗalibi ya rubuta amsarsa da hannunsa. Kowa yana da hujja, amma yawanci ana gardamar ne ba tare da an ɗora tambaya ko ɗaya a kan tebur ba. Don haka zan ɗauki majinyaciya guda, in zuba ta cikin kowane salo, mu ga abin da kowannensu yake aunawa.

Ga majinyaciyar. Mace ce 'yar shekara 24 mai ciwon sukari nau'i na ɗaya. Kwana biyu tana amai da ciwon ciki, ta kuma daina allurar insulin saboda ba ta iya cin komai. An kawo ta sashen gaggawa tana numfashi mai zurfi, sau 28 a minti, zuciyarta tana bugawa sau 112, awon jininta 104/66. Sukarin jininta 27 mmol/L, pH ɗin jini 7.14, kiton 5.2 mmol/L, potasiyam 2.9 mmol/L. An riga an ɗaura mata lita ɗaya ta ruwan gishiri, fitsari kuma yana fita. Wannan shi ne kitoasidosis na ciwon sukari, kuma kowane ɗalibi da ya buɗe littafi ya san maganinsa ruwa ne da insulin. Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne wancan 2.9 ɗin. Insulin yana tura potasiyam daga jini zuwa cikin ƙwayoyin jiki. A wannan ciwo jiki ya riga ya zubar da potasiyam mai yawa ta fitsari da amai, amma rashin insulin yana sa awon potasiyam na jini ya nuna kamar yana nan daidai ko ma ya yi yawa. To idan har awon ya nuna ƙasa tun kafin a fara magani, ƙarancin ya yi tsanani ƙwarai, kuma in aka saki insulin a haka bugun zuciya zai iya rikicewa har ta tsaya. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a fara gyara potasiyam, a jinkirta insulin. Tsohuwar iyakar da ƙungiyar ciwon sukari ta Amurka ta sa ita ce 3.3, sabuwar matsayar 2024 ta ɗaga ta zuwa 3.5. Na zaɓi 2.9 da gangan domin ya faɗi ƙasa da duka biyun.

Mu fara da "gaskiya ko ƙarya". A wannan salo za a rubuta kan magana, "Game da kitoasidosis na ciwon sukari", sai a jero jimloli biyar a ce ɗalibi ya yanke wa kowacce hukunci. Insulin yana rage potasiyam na jini: gaskiya. Ana ba da bikabonet: to, a nan ne matsala take. Ana bayarwa mana, amma sai pH ya faɗi ƙasa sosai, wajen 7.0 ko 6.9, kuma ko a nan ma masana ba su haɗu a kai ba. Don jimlar ta zama gaskiya zalla ko ƙarya zalla, dole mai rubutu ya ƙara mata kalmomi irin su "kullum", "ba kasafai ba", "wani lokaci". Ɗalibi mai wayo ya san duk inda ya ga "kullum" ko "ko kaɗan" ƙarya ce, inda ya ga "yana iya" gaskiya ce, ko da bai san ciwon ba. "Sau da yawa" kuwa, tambayi malamai biyar abin da take nufi za ka sami amsa biyar. Babban aibin salon shi ne ba ya ɗaukar abin da ya dogara da hali, alhali aikin likita kusan duka a kan hali ya dogara. Abin da ke saura a hannunka bayan ka tace duk jimlolin da ake iya jayayya a kansu shi ne hadda tsantsa. Ɗalibi zai ci makin "insulin yana rage potasiyam", gobe ya tsaya a gaban wannan mata ya sa mata insulin, domin ba a taɓa neman ya haɗa wannan sani da lambar da ke kan takardar gwaji ba. Hukumar jarrabawar likitoci ta Amurka, NBME, ta daina amfani da wannan salo gaba ɗaya, kuma ban ga dalilin da zai sa wani ya riƙe shi don auna hangen likita ba.

Salo na biyu shi ne amsa ɗaya mafi dacewa, kuma a nan zan daɗe, don shi ne yawancinmu za mu rubuta. Ana kawo labarin majinyaciyar kamar yadda na bayar a sama, ba tare da an faɗi sunan ciwon ba, sai a yi tambaya guda: wane mataki ne ya fi dacewa a ɗauka yanzu?

A. Bikabonet ta jijiya
B. Insulin ta jijiya
C. Potasiyam ta jijiya
D. Ruwan gishiri kaɗai ta jijiya

Kafin ɗalibi ya kai ga C sai ya hau matakala uku. Ya gane ciwon daga alamomi da awo, ya tuna yadda ake maganinsa, sannan ya lura cewa a wannan mata akwai abin da ya juya jerin matakan. Ba a tambaye shi iyakar potasiyam nawa ce ba, an bar shi ne ya tsinto lambar da kansa daga cikin sauran lambobi, kamar yadda zai yi da dare a sashen gaggawa inda babu mai ja masa layi a ƙarƙashinta.

Bambancin wannan salo da na farko shi ne amsoshin ruɗin, wato sauran zaɓin da ba su ne amsar ba, ba dole ne su zama ƙarya ba. Insulin magani ne na gaskiya ga wannan mata, za ta same shi nan da ɗan lokaci. Ruwan gishiri ma tana buƙatarsa. Ana auna su ne a kan mizani ɗaya, daga mafi dacewa zuwa mafi rashin dacewa a wannan lokaci. Kuma kowannensu yana da mai shi. B na ɗalibin da ya gane ciwon ya yi saurin bin abin da ya haddace. A na wanda pH 7.14 ya razana shi, yana son gyara lamba, bai tuna bikabonet ma yana ƙara saukar da potasiyam ba. D na wanda ya san akwai haɗari a insulin amma bai san abin da zai yi a madadinsa ba, sai ya zaɓi jira. Wannan shi ne gwajin da nake yi wa kowace amsar ruɗi: in na kasa faɗar irin kuskuren tunanin da zai kai ɗalibi gare ta, ba amsar ruɗi ba ce, ciko ce. Hanya mafi sauƙi ta samun irin waɗannan amsoshi ba a ofis take ba. Ka ba ɗalibai labarin a aji babu zaɓi, ka ce su rubuta abin da za su yi, ka tattara takardun. Kuskuren da ya fi maimaituwa shi ne amsar ruɗinka ta farko.

Lura da yadda aka rubuta zaɓin huɗun nan. Duka magani ne ta jijiya, tsawonsu kusan ɗaya, an jera su bisa harafin farko don kada wurin amsa ya zama alama. Da na rubuta C a matsayin "a ƙara potasiyam a ruwan da ake ɗaura mata, a jinkirta insulin har awon ya hau", da na ba da amsar kyauta, domin ɗalibai sun daɗe da gane cewa zaɓin da ya fi tsawo da bayani shi ne malami ya fi damuwa da shi. Haka nan da na cusa "hoton ciki" a cikin jerin, da na gauraya gwaji da magani, ɗalibi ya shiga tunanin wanne ake tambaya maimakon tunanin majinyaciya. Susan Case da David Swanson, waɗanda suka rubuta wa NBME jagorar rubuta tambayoyi, sun ba da gwaji mai sauƙi: rufe zaɓin da hannunka, ka karanta labarin da tambayar. Idan gwani zai iya faɗar amsar ba tare da ya ga zaɓin ba, tambayar ta tsaya da ƙafarta. Tambaya irin "wanne ne gaskiya game da wannan majinyaciya?" ba za ta tsallake wannan gwaji ba, domin "gaskiya ko ƙarya" ce ta sake riga.

Akwai zaɓin da na yi niyyar sawa na fasa: insulin da potasiyam tare. Yana da jan hankali, ɗalibai da yawa za su faɗa masa. Amma ya yi kusa da amsar har wani ƙwararre zai iya tsayawa ya kare shi, musamman in ana kallon bugun zuciyarta a na'ura ana kuma maimaita awo a kai a kai. Amsar ruɗi mai kyau tana jan wanda saninsa bai cika ba, ba ta raba kan masana. In ka kai tambaya kwamiti likitoci uku suka yi minti goma suna gardama a kan zaɓi biyu, kada ka yi murna cewa tambayar ta yi wuya. Ta lalace ne, sai dai ka cire zaɓin ko ka ƙara wa labarin abin da zai raba gardamar.

Wata fa'idar wannan salo ita ce labari ɗaya yana haifar da tambayoyi da yawa. Mayar da potasiyam 5.8, amsar ta koma insulin, zaɓin kuma ba a taɓa su ba. Wanda ya haddace amsar bara ya faɗi. Sai dai a kula, in ka mayar da shi 4.4 ka ɓata tambayar, domin a wannan awo ana ba da insulin ana kuma zuba potasiyam a ruwa lokaci guda, B da C sun zama daidai duka.

To zaɓi nawa za a sa? Al'adar makarantun likitanci biyar ce, kuma neman na biyar ɗin ne ke haifar da ciko. Michael Rodriguez ya tattara binciken shekara 80 a kan wannan batu, ya wallafa a 2005, ya kammala da cewa zaɓi uku sun isa a mafi yawan jarrabawa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: a yawancin tambayoyi amsar ruɗi ɗaya ko biyu ne ke aiki, sauran ba mai taɓa su. Masu son biyar suna cewa mai cankar amsa zai dace sau ɗaya cikin uku maimakon sau ɗaya cikin biyar. Lissafin daidai ne a takarda, amma in biyu daga cikin biyar ɗin kowa na iya jefar da su da kallo ɗaya, tambayar mai zaɓi uku ce tun asali, lokacin karatu kawai aka ɓata. Ra'ayina shi ne yawan zaɓin ya bi yawan kurakuran gaske. Tambayarmu tana da uku, saboda haka zaɓi huɗu. In dokar makarantarku ta ce lallai biyar, nemo na biyar daga takardun ɗalibai, kada ka ƙirƙiro shi. In kuma za ka rage, cire wanda ba ya aiki, ba wanda hannunka ya fara kaiwa ba.

Yadda ake gane wanda ba ya aiki kuwa sai bayan jarrabawa. A ce ɗalibai 200 sun amsa tambayarmu, kuma an tilasta mini ƙara E, wankin ƙoda. 118 suka zaɓi C, 52 B, 15 D, 12 A, 3 kacal E. Ma'aunin da aka saba shi ne duk zaɓin da bai ja kashi 5 cikin ɗari ba ya mutu. A nan kashi 5 mutum 10 ne, don haka E ya tafi, A ya tsira da ƙyar. Sai a ɗauki kashi 27 cikin ɗari na sama a jarrabawar gaba ɗaya da kashi 27 na ƙasa, wato mutum 54 kowane ɓangare. A ce 44 na sama sun ci tambayar, na ƙasa 19. Bambancin 25 ne, a raba da 54, ya ba da 0.46, wanda ke nuna tambayar tana rarrabe mai sani da marar sani sosai. In lambar ta yi ƙasa da 0.2 a sake duba tambayar. In ta koma ƙasa da sifili, wato na ƙasa sun fi na sama cinta, fara duba ko an yi kuskure wajen shigar da amsar, sannan ka duba ko akwai amsa biyu. Ka kuma kalli su waye suka zaɓi B. In yawancinsu na ƙasa ne, B yana aikinsa. In na sama ne suka yi masa tururuwa, ko dai an koya musu wani abu dabam a aji, ko labarin bai fito da abin da kake zaton ya fito da shi ba.

Salo na uku shi ne dogon jeri, wanda Case da Swanson suka yi bayaninsa a 1993. Ana kawo jigo ɗaya, misali ciwon ƙirji, a jera amsoshi takwas, goma ko fiye: toshewar jijiyar zuciya, gudan jini a jijiyar huhu, tsagewar babbar jijiya, kumburin jakar zuciya, taruwar iska tsakanin huhu da bangon ƙirji, da sauransu. Sai a kawo gajerun labarai uku ko huɗu, kowanne a zaɓa masa amsa daga jerin. Daɗinsa shi ne ka huta da ƙirƙirar amsar ruɗi, domin amsar labari na biyu ita ce ruɗin labari na farko, kuma jerin ya yi kama da abin da likita ke juyawa a kansa in an ce ga mai ciwon ƙirji. Wajen tambayar "mene ne ciwon?" ko "wane gwaji za a fara?" ya fi salo na biyu. Amma gwada zuba majinyaciyarmu a ciki. Matakan da hankali zai ɗauka a halinta ba su wuce huɗu ko biyar ba, in ka ja jerin zuwa goma ka cika shi da abin da ba wanda zai zaɓa. Akwai kuma tarkon da ake yawan faɗawa: jerin cututtuka goma, amma labarin yarinya ce 'yar shekara 19, bakwai daga cikinsu cututtukan tsofaffi ne. Kowane labari yana buƙatar aƙalla biyu ko uku a jerin da za su yi masa gogayya ta gaske.

Salo na huɗu yana amsa wani ƙorafi ne da ba a iya musawa. Da zarar ɗalibi ya ga kalmar potasiyam a cikin zaɓi, zai koma labarin ya nemi lambar, ko da da farko ya tsallake ta. Zaɓin da kansa ya tuna masa. A gaban gado kuwa babu jeri. Maganin wannan shi ne a bar shi ya rubuta amsar cikin kalmomi biyu zuwa huɗu. Tsarin muhimman gaɓoɓi, wanda Georges Bordage da Gordon Page suka gabatar a 1987, majalisar likitoci ta Kanada kuma ta shigar da shi jarrabawarta a 1992, yana yawan amfani da wannan. Tunaninsa shi ne kowane ciwo yana da gaɓa biyu ko uku inda ake yin kuskuren da ke cutar da majinyaci, a nan kaɗai za a yi tambaya, a wuce sauran. A majinyaciyarmu gaɓar ita ce duba potasiyam kafin insulin. Har ana iya tsara makin ta yadda wanda ya rubuta mataki mai haɗari zai rasa makin gaɓar duka. Farashin wannan salo shi ne aikin dubawa. Dole a rubuta jerin amsoshin da za a karɓa tun kafin jarrabawa, kuma dole wani ya zauna ya yanke hukunci a kan wanda ya rubuta "gyara gishirin jini": ya sani ne bai fayyace ba, ko ɓuya yake yi a bayan kalma mai faɗi? Ɗalibai 60, abu ne mai yiwuwa. Ɗalibai 600 da malamai uku, sai an yi tunani.

Akwai wani salo da Bernard Charlin da abokan aikinsa suka ɓullo da shi a Montreal, inda ake ba ɗalibi zato, a ƙara masa sabon bayani, a tambaye shi ko zaton ya ƙarfafa ko ya raunana, a kwatanta amsarsa da ta gungun ƙwararru. Yana da amfani wajen koyarwa, amma ba zan ɗora cin jarrabawa ko faɗuwa a kansa ba, tunda makinsa ya dogara da su waye aka tara a gungun.

Wani abu ya shafi duk salon nan, kuma shi ne ke hana a yi dogon labari. Tun binciken Arthur Elstein da abokan aikinsa na 1978 aka san cewa iya warware matsalar majinyaci ɗaya ba ya nuna za a iya ta wani. Wanda ya ƙware a kitoasidosis yana iya yin tuntuɓe a ciwon ƙirji. Saboda haka gajerun labarai masu yawa sun fi dogaye kaɗan faɗar gaskiya game da ɗalibi. Labarin da za a karanta a amsa cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya isa. Duk jimlar da ba ta taimaka wajen kaiwa ga amsa ba, ba ta kuma ba wata amsar ruɗi ƙarfi ba, a cire ta. A labarinmu pH yana nan don A, fitar fitsari tana nan don kada wani ya ce bai kamata a ba da potasiyam ba.

In jarrabawar ta babban aji ce kuma injin ne zai duba, gina ta a kan amsa ɗaya mafi dacewa, ka ware wa tambayoyin gano ciwo dogon jeri. In ajin ƙarami ne, ko kana da masu dubawa, ɗauki gaɓoɓi goma ko goma sha biyar waɗanda kuskure a cikinsu ke kashe mutum, ka tambaye su da gajeren rubutu. Amsoshin da ba daidai ba da za ka tattara daga wannan rubutu ka adana su, su ne za ka jera a A da B da D a tambayoyin baɗi.